Iyafis ɗina na bulutut ya ƙi hawa PS5, shin dole sai na sayi hedset mai dongul?

Sadauki_99
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu PS5 ku zo ku taimaka min. Ina da iyafis na bulutut irin marar waya ɗin nan mai akwatin caji, yana aiki lafiya lau a wayata da laftof, amma a PS5 ya ƙi. Na shiga Settings > Accessories > General > Bluetooth Accessories, har sunansa ya fito a jeri, ina dannawa sai ta rubuto min wai ba ta karɓar na'urar sauti ta bulutut. To abin da ya ɗaure min kai, ai shi kansa hannun gem ɗin da bulutut yake haɗuwa da ita, me ya sa za ta karɓi wannan ta ƙi wancan? Ni da dare nake buga Warzone bayan iyali sun kwanta, kuma ina buƙatar maik saboda magana da 'yan tim. Wani ya ce in sayi hedset mai dongul na USB, amma ni gani nake duk marar waya ne, mene ne bambancin da zai sa in sake kashe kuɗi?

Baban_Ikram
Wa alaikumus salam. Ba iyafis ɗinka ne ya lalace ba, haka PS5 take, haka ma PS4 take tun da can. Ko na naira nawa ka saya ba za ta karɓa kai tsaye ba.

KingMoh_Fagge
Kasuwanci ne kawai malam, babu wani dalili. Sun toshe ne don ka sayi nasu. Wayar dubu ɗari tana yi amma na'ura mai tsada haka ta kasa? Haba.

Yaro_Mai_Kwallo
Oga netwok ɗinka ne. Ni ma da ina fama da lag sai da na ja waya daga rawuta zuwa bayan PS ɗin, tun daga ranar shi ke nan. Gwada ka gani.

Sadauki_99
@Yaro_Mai_Kwallo ɗan uwa ba maganar netwok nake ba 😂 abin kunne ne ya ƙi haɗuwa

Injiniya_Bash
@Sadauki_99 bari in ɗan yi tsawo, a yi haƙuri. Gaskiya ne dukkansu marasa waya ne, kuma dukkansu a kan zangon 2.4GHz suke tafiya, amma ba yare ɗaya suke yi ba.

Bulutut na sauti an gina shi ne don jin karatu da kiɗa da amsa kira, inda babu wanda ya damu ko sauti ya makara kaɗan. Kafin sauti ya iso kunnenka sai an matse shi, a turo shi gutsure-gutsure, shi kuma iyafis ɗin ba ya fara kunnawa nan take, sai ya tara wani abu a ajiye tukuna saboda in wani gutsure ya ɓace a iska a sake turowa ba tare da ka ji tsinkewa ba. Iyafis ƙanana sun fi buƙatar wannan ajiyar domin eriyarsu ƙarama ce, ga kanka a tsakaninsu yana tare sigina, ga kuma dole na hagu da na dama su daidaita da juna. In ka haɗa duka, na gama-gari masu amfani da tsarin matse sauti na SBC ko AAC suna makara kamar milisakan 150 zuwa 250.

Yanzu mu ɗauki 200 mu yi lissafi. Gem mai firem 60 a sakan, kowane firem yana ɗaukar kusan milisakan 17. Ke nan sautin yana bayan hoto da firem 12. Ko kuma ka duba ta nan, sauti a iska yana tafiyar mita 343 a sakan, to milisakan 200 daidai yake da ka tsaya kusan mita 70 daga talabijin ɗinka, kamar mai kallon ƙwallo daga can ƙarshen fili da zai ga an buga kafin ya ji ƙarar. A Warzone ma'anarsa takun wanda ke zagayo maka zai iso kunnenka bayan shi ya riga ya shigo ɗakin.

Shi kuma hedset mai dongul, kamfanin ya ƙera dongul ɗin da hedset ɗin don junansu kawai, ba ruwansa da sai ya dace da kowace waya a duniya, don haka ajiyar ƙarama ce sosai, yawanci makararsa ba ta wuce milisakan 20 zuwa 40 ba. Firem ɗaya ko biyu, kunne ba ya kamawa. Kuma ita PS5 ba ta ma san marar waya ba ne, abin da take gani kawai an soka mata na'urar sauti ta USB, shi ya sa take karɓa ba gardama.

Ummu_Hanan
To amma Injiniya ni ina kallon YouTube da iyafis a waya kuma bakin mutum da maganarsa suna tafiya daidai, ban taɓa ganin wannan makarar ba.

Injiniya_Bash
@Ummu_Hanan Hajiya makarar tana nan, ɓoye miki aka yi. Wayar ta san iyafis zai makara sai ta riƙe hoton shi ma na ɗan wannan lokacin don su fito tare, tunda bidiyo abu ne da aka riga aka ɗauka, babu asara in an jinkirta shi. Gem kuwa ba a san abin da zai faru ba sai kin danna, in aka riƙe hoto to hannunki ne zai koma yana makara, wanda ya fi muni. Ki gwada buɗe gem na harbi a wayar da iyafis ɗin nan, ki danna harbi ki saurara.

Abba_Sniper
Wallahi wannan gaskiya ne, duk ɗan PUBG na waya ya san haka. Wuta ta fito daga bakin bindiga sannan ka ji tau. Shi ya sa manyan 'yan wasa har yau mai waya suke sakawa.

KingMoh_Fagge
Duk na ji, amma wannan zancen tsohon bulutut ne. Nawa 5.3 ne an rubuta a kwali, kuma yana da Game Mode, in ka taɓa shi sau uku mace ta yi magana. Ba na jin wata makara.

Injiniya_Bash
@KingMoh_Fagge rabi ka yi daidai. Game Mode yana aiki da gaske, abin da yake yi shi ne rage wannan ajiyar da na faɗa, makara ta ragu, amma za ka lura ya fi saurin tsinkewa in ka yi nisa ko ka shiga wuri mai cunkoson wayoyi. Lambar 5.3 ɗin kuwa ba ita ke nuna sauri ba, za ka iya samun 5.3 da har yanzu SBC yake amfani da shi kamar na da. Kuma lambar milisakan da suke bugawa a kwali sau da yawa ta ɓangaren iyafis ɗin ce kawai, ba su haɗa da abin da wayar ko na'urar da ke turowa ta ci ba. Akwai aptX Low Latency da ke saukowa wajen 40, amma sai mai turowa da mai karɓa duk suna da shi, in ɗaya ba shi da shi sai su koma SBC shiru ba tare da sun gaya maka ba. AirPods misali ba su da aptX kwata-kwata.

KingMoh_Fagge
To ko ma dai mene ne ai da sun bar mu mun zaɓa da kanmu. Ni FC nake bugawa, me ruwana da takun wani, surutun mai sharhi ne kawai da ihun 'yan kallo. Har yanzu ina kan bakana, kuɗi suke so.

Baban_Ikram
A nan kam ba zan ce KingMoh bai da hujja ba. Ka duba su da kansu sun fito da Pulse Explore a ƙarshen 2023, iyafis ne ƙanana kamar na kowa, amma a PS5 sai ka soka adaftarsu ta PlayStation Link. PlayStation Portal ma da suka yi ba su sa mata bulutut na sauti ba, sai nasu ko mai waya. Dalilin fasaha yana nan, dalilin aljihu ma yana nan, ba sa hana juna.

Sadauki_99
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba a taɓa min maganar hannun gem ba, shi me ya sa bulutut ɗinsa ba ya makara? Sannan maganar maik fa?

Injiniya_Bash
Hannu abin da yake turawa ɗan kaɗan ne, an danna kaza, an karkata sanda kaza, kuma ba a tara shi a ajiye, yana fitowa ake aikawa. Sauti mai kyau na kunne biyu kuwa yana cin wuri sosai a layin, kuma rediyo ɗaya ce a cikin na'urar za ta raba lokacinta tsakanin hannaye har huɗu da shi. Hujjar da ta fi fitowa fili ita ce Nintendo Switch. Sun ƙara bulutut na sauti a watan Satumba 2021 da sabuntawa ta 13.0.0, amma da sharuɗɗa: in kana amfani da shi hannaye marasa waya biyu kawai za su haɗu, maik ba ya aiki, kuma in ka shiga wasan kusa da kusa da wata Switch ɗin sai sautin ya yanke. Wato ko wanda ya yarda ya buɗe sai da ya rage wani abu.

Maik kuma shi ne babbar matsalarka kai musamman. Bulutut na gargajiya hanya biyu gare shi. Akwai A2DP, sauti mai kyau kunne biyu amma zuwa kawai yake, babu dawowa, babu maik. Akwai HFP ta kiran waya, tana da maik amma sautin ya koma guda ɗaya ba hagu ba dama, kuma siriri. Ba ya yin biyun a lokaci ɗaya. Ka tuna yadda kiɗa ke canjawa ya zama kamar na rediyo da zarar ka buɗe maik a laftof? To shi ne. A Warzone in sauti ya koma guda ɗaya ba za ka san ta ina mutum ke zuwa ba, an gama da kai. Dongul shi yana ɗaukar sitiriyo zuwa da muryarka dawowa a tare.

Ummu_Hanan
Allah sarki, ashe shi ya sa. Yarana Switch gare su, in na haɗa wa babban iyafis don su bar ni in huta sai ƙaramar ta zo tana kuka wai hannunta ya ƙi shiga. Ni da na ɗauka faɗa ne kawai irin nasu. Su uku ne kuma kowa da nasa.

Dan_Maradi
Sannunku da hira. Ni tawa ta ɗan bambanta. Na je kasuwa na ce a ba ni dongul na bulutut, mai shago ya ba ni wani ɗan mitsitsi ya rantse zai yi a PS4, na zo na soka ko fitila bai nuna wani abu ba, na'urar ma ba ta san an sa mata komai ba. A kwamfuta kuma yana yi. Jabu ne ko?

Mai_GemSenta
@Dan_Maradi ba jabu ba ne, ba irinsa ba ne kawai, kuma kullum sai an zo min da wannan a shago. Dongul iri uku ne mutane ke haɗawa a suna ɗaya. Naka na kwamfuta ne, shi rediyo ne zalla, Windows ce ke tuƙa shi da direba, PS ba ta da wannan direban. Na biyu shi ne mai tura sauti, za ka gan shi da ɗan maɓallin haɗawa a jikinsa da fitila, shi yake yin duk aikin bulutut ɗin a cikinsa, PS tana ganinsa a matsayin hedset na USB, irin su Creative BT-W3. Wannan zai haɗa maka iyafis ɗinka da PS4 ko PS5. Na uku shi ne wanda ke zuwa a kwali ɗaya da hedset ɗin gem, wanda ba bulutut ba ne sam. In za ka saya ka duba maɓallin nan, in babu maɓalli kuma an ce sai an sa direba to ajiye musu.

Sadauki_99
@Mai_GemSenta yauwa Alhaji, to ai na biyun nan shi ne maganina ke nan, in saya in ci gaba da iyafis ɗina?

Mai_GemSenta
Zai yi sauti, amma ka ji abin da Injiniya ya ce, makarar tana nan tunda har yanzu bulutut ne, sai dai in iyafis ɗinka yana da aptX Low Latency ko Adaptive kuma da wuya. Ga yadda ake yi in ka saya. Ka soka shi, ka danne maɓallin har fitila ta fara ƙiftawa da sauri, ka kashe bulutut na wayarka tukuna don kar iyafis ɗin ya gudu can, sannan ka buɗe akwatin kusa da shi. In fitila ta tsaya sun haɗu. Sai ka shiga Settings > Sound > Audio Output, a Output Device ka zaɓi na USB ɗin, a Output to Headphones ka sa All Audio. In ka bar shi a Voice Chat Audio muryar abokanka kawai za ka ji, gem ɗin ya ci gaba da ihu a talabijin ya tashe maka iyali. Maik kuma ka je Settings > Sound > Microphone ka mayar da Input Device kan na hannun gem, tunda DualSense yana da maik a jikinsa. Haka sautin zai tsaya sitiriyo. Illarsa 'yan tim ɗinka za su riƙa jin ƙarar danne-dannenka da fanka.

Abba_Sniper
Kuma a ji ana cewa "Abban Nana ka rage murya" a tsakiyar zagaye na ƙarshe 😂😂

Sadauki_99
Kai Abba ka ji tsoron Allah 😂

Zee_Xbox
Ku dai kuna ta PS. Don Allah kar wani mai Xbox ya karanta wannan ya je ya sayi adaftar nan, ba za ta yi ba. Xbox Series X da S ba sa karɓar bulutut na sauti, kuma ba sa karɓar kowace na'urar sauti ta USB sai wadda aka yi da lasisinsu. Ko hedset mai dongul mai tsada in na PS ne ka soka a Xbox shiru za ka ji. Dole ka ga an rubuta na Xbox ne a kwali. Abin daɗin shi ne na Xbox ɗin sau da yawa yana yi a PS ma, kamar Arctis Nova 7X, dongul ɗinsa yana da ɗan makunni a gefe, ɓangare ɗaya Xbox ɗaya USB. Wanda yake da na'ura biyu ya sayi na Xbox ya huta.

KingMoh_Fagge
Kun gani ko? Lasisi. Wannan kuma wace makara ce ta jawo shi Injiniya?

Injiniya_Bash
Wannan kam ban da abin cewa, na ba ka 😅

Yaro_Mai_Kwallo
Amma hannun Xbox yana da bulutut ai, ina haɗa shi da wayata

Zee_Xbox
Ƙanina hannun ne ke da shi saboda waya da kwamfuta. Da na'urar kanta ta Xbox Wireless yake magana, wata hanya ce daban tasu.

Hafiz_Tudunwada
Ni abin da nake yi ban sayi komai ba, talabijin ɗina yana da bulutut sai na haɗa iyafis da shi kai tsaye, PS5 tana tura sauti ta HDMI shi kuma ya miƙo min. A gem na labari da FC ba laifi. Amma gaskiya makarar ta fi ta waya ma, don talabijin ɗin ma yana cin nasa lokacin, kuma maik babu. In zan yi hira sai in buɗe fati a PS App a waya, to kuma iyafis ɗaya ba zai ji biyun ba, sai in bar wayar a sifika. Rayuwa dai.

Baban_Ikram
Ni fa ina mamakin yadda aka yi ta zagaye babu wanda ya faɗi mafi sauƙi. Akwai ramin 3.5mm a ƙasan hannun PS5, haka na Xbox. Ka samu iyafis mai waya mai maik irin na da, ka soka a nan. Tsakaninka da talabijin babu waya, wayar daga hannunka ce zuwa kunne kawai, sitiriyo da maik duk suna yi, makara ba a jin ta, har 3D Audio ɗin PS5 yana aiki da shi. Abin da kawai zai ci shi ne batirin hannun zai ɗan fi saurin sauka. Sadauki ka fara gwada wannan yau da dare kafin ka kashe ko sisi.

Mai_GemSenta
Gaskiyar Baban Ikram. Amma in ka ƙare a mai dongul ga abu biyu daga wanda ya gani. Na ɗaya wajen sokawa. Ramukan USB 3 da hadis ɗin waje da ke aiki a kansu suna fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4GHz, in ka sa dongul a baya kusa da hadis, ga bango ga rawuta a gefe, za ka ji sauti yana ɗan tsinkewa ka ɗauka hedset ne ya lalace. PS5 ta farko tana da USB-A a gaba, sa shi a nan. Silim ɗin kuma gabanta USB-C ne guda biyu, in dongul ɗinka babba ne sai ka samu 'yar wayar ƙari ka jawo shi gaba inda zai ga kanka. Na biyu, dongul ɗin shi ne ran hedset ɗin. In za ka sayi na hannu kar ka karɓa sai an soka an gwada a gabanka, don ana yawan kawo hedset mai kyau babu dongul, ko da na wani samfurin, kuma ba kowane ake samun madadinsa ba. A shagona ɗaure su nake yi da zare a jikin na'ura saboda yara.

Sadauki_99
Wani abu kuma, ni manyan hedset ɗin nan zafi suke sa min, ga gumi a kunne musamman in an ɗauke wuta fanka ta tsaya ana kan inbata. Babu ƙanana masu dongul?

Zee_Xbox
Akwai mana. Bayan Pulse Explore da aka ambata akwai INZONE Buds na Sony, akwai Arctis GameBuds, akwai Razer Hammerhead HyperSpeed, duk iyafis ne masu ɗan dongul na USB-C. Amma ka karanta da kyau kafin ka saya, INZONE Buds bulutut ɗinsu LE Audio ne kawai, in wayarka ba ta da shi sai dai ka soka mata dongul ɗin ita ma.

KingMoh_Fagge
LE Audio ɗin nan ba shi ne aka ce zai gyara komai ba, maik da makara duka? To in ya yaɗu me zai hana su buɗe?

Injiniya_Bash
A takarda ya rage makara sosai kuma yana iya ɗaukar sitiriyo da maik tare, ya zo da nasa tsarin matse sauti LC3. Amma sai ɓangare biyu duk suna da shi, kuma sai masu na'urar sun ga dama sun kunna. Ni ba zan ce wa Sadauki ya zauna jira ba.

Dan_Maradi
To ni yanzu nawa na kwamfutar in mayar wa mai shago ko in bar shi? Ya ce ba a mayar da kaya in an buɗe leda.

Hafiz_Tudunwada
Bar shi a kwamfuta kawai malam, zai haɗa maka hannun PS4 ɗinka da ita ka buga eFootball.

Sadauki_99
Na tono wani tsohon mai waya a durowa na soka a hannu kamar yadda Baban Ikram ya ce. Sauti ras, taku ina jin hagu da dama, amma 'yan tim sun ce muryata tana shiga da wani zuuu kamar ana soya wani abu. @Mai_GemSenta iyafis ɗin ne ko akwai wani setin da zan taɓa?

Mai_GemSenta
Hannun yana kan caji lokacin? In eh cire wayar cajin ka sake tambayarsu, musamman in a kan janareto ko inbata kake. In bai daina ba ka tura filogin ya shige har ƙarshe, ka goge bakinsa, sannan ka rage Adjust Microphone Level kaɗan. Ka dawo ka gaya mana wanne ne a ciki.